Ma'aunin kasuwar hannayen jari: Lambar da ke auna giwaye, ta manta da sauran dabbobin dawa

A watan Janairun 2024, babban ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Najeriya ya haye maki 100,000 a karon farko tun da aka kafa shi. Jaridu suka yi ta buga labarin a shafukansu na farko, masu magana da yawun gwamnati suka riƙa kafa hujja da shi a kan cewa tattalin arziki ya kama hanyar farfaɗowa, mutane da dama da ba su taɓa sayen hannun jari ba kuma suka fara neman dillalai. Lambar ba ƙarya ba ce, lissafinta daidai yake. Matsalar tana ga fassarar da aka yi mata. Wanda ya san yadda ake gina wannan ma'auni zai gane cewa abin da ya faru a wannan wata labarin kamfanoni ƙalilan ne, kuma fiye da rabinsa labarin kamfani guda ne.

Wannan ba gardamar masana ba ce kawai. Ma'aikacin da ake cire wa kuɗin fansho duk wata, da ɗan kasuwar da ke tunanin inda zai ajiye ribarsa, da mai jefa ƙuri'ar da ake gaya wa cewa kasuwa ta shaida nasarar wata manufa, duk suna yanke hukunci bisa wannan lamba guda. Ya dace su san abin da take aunawa da abin da ba ta aunawa.

Yadda ake gina ma'aunin

Ma'aunin da ake yawan ambata a Najeriya shi ne All-Share Index na kasuwar NGX da ke Legas, wanda ake taƙaita sunansa da ASI. An fara lissafa shi a watan Janairun 1984, inda aka ba shi maki 100 a matsayin mafari. Ginin nasa ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗaukar kowane kamfani da ke cikin kasuwar, a ninka yawan hannayen jarinsa da farashin guda ɗaya a wannan rana. Abin da aka samu shi ne darajar kamfanin a kasuwa. Sai a haɗa darajar dukkan kamfanonin wuri guda, a kwatanta jimillar da ta ranar mafari. Idan jimillar ta ƙaru da kashi biyu cikin ɗari tsakanin jiya da yau, ma'aunin ya hau da kashi biyu ke nan.

A cikin wannan haɗi ne sirrin yake. Tun da darajar kuɗi ake tarawa, ba yawan kamfanoni ake ƙirgawa ba, muryar kowane kamfani tana da ƙarfi ne gwargwadon girmansa. Ba zaɓe ba ne da kowa ke da ƙuri'a ɗaya. Ya fi kama da sikelin da aka ɗora wa buhun masara da mudun gero a lokaci guda: idan aka zubar da rabin mudun, da wuya allurar sikelin ta motsa.

Misali mai sauƙi zai bayyana abin. A ƙaddara wata kasuwa mai kamfanoni uku kacal. Na farko yana da hannayen jari miliyan 80, kowanne a kan naira 10, darajarsa ta zama naira miliyan 800. Na biyu yana da miliyan 30 a kan naira 5, wato naira miliyan 150. Na uku yana da miliyan 25 a kan naira 2, wato naira miliyan 50. Jimilla ta kama naira biliyan ɗaya, sai a ba ta maki 100. Washegari farashin babban kamfanin ya hau da kashi 10 cikin ɗari, darajarsa ta koma miliyan 880. Sauran biyun kuwa kowanne ya faɗi da kashi 10, suka koma miliyan 135 da miliyan 45. Sabuwar jimilla ta zama naira miliyan 1,060, ma'auni ya nuna maki 106.

Kanun labarin wannan rana zai ce kasuwa ta tashi da kashi shida. Amma kamfanoni biyu cikin uku faɗuwa suka yi. Mutumin da ya raba naira 300,000 daidai wa daida tsakanin kamfanonin uku ya ci ribar naira 10,000 a wuri ɗaya, ya yi asarar naira 20,000 a wurare biyu, ya kwana da naira 290,000. Jarida ta ce an ci riba, shi kuma aljihunsa ya ce akasin haka, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Abin da ya faru a Janairun 2024

Kasuwar Legas tana da kamfanoni kusan 150, amma siffarta ba ta yi nisa da wancan misali ba. 'Yan kamfanoni da ba su kai goma ba, irin su Dangote Cement da Airtel Africa da MTN Nigeria da BUA Cement da BUA Foods, su ne ke ɗauke da fiye da rabin nauyin kasuwar baki ɗaya.

A ƙarshen 2023 ma'aunin ya rufe a kan maki kusan 74,800, darajar dukkan kamfanonin kuma tana wajen naira tiriliyan 41. Kamfanin simintin Dangote yana da hannayen jari kimanin biliyan 17, kowanne a lokacin yana kan naira 320, in an cire 'yan kwabbai. Darajarsa ke nan ta kai naira tiriliyan biyar da rabi, wato wajen kashi 13 cikin ɗari na kasuwar. A cikin watan Janairu farashin ya yi ta hawa kusan kullum, musamman bayan da attajiri Femi Otedola ya bayyana cewa ya sayi hannayen jari masu yawa a kamfanin, har ya kai naira 763. Idan aka ninka wannan farashi da biliyan 17, za a samu naira tiriliyan 13. Kamfani ɗaya ya ƙara wa jimillar kasuwa naira tiriliyan bakwai da rabi a cikin wata guda.

A wannan wata ma'aunin ya tashi da kimanin kashi 35 cikin ɗari, ya rufe a kan maki 101,000 da 'yan kai. Idan aka raba tiriliyan bakwai da rabi da tiriliyan 41 na farkon wata, za a ga cewa Dangote Cement shi kaɗai ya ba da kashi 18 daga cikin kashi 35 ɗin. Da a ce sauran kamfanonin duka sun tsaya cik ba su motsa ba, da har yanzu an buga labarin cewa kasuwa ta yi tashin da ba a saba gani ba. Idan aka haɗa da BUA Cement, wanda shi ma farashinsa ya kusa ninkawa a watan, za a iske kamfanonin siminti biyu sun ɗauki mafi yawan nauyin tashin.

Babu laifin da waɗannan kamfanoni suka yi. Masu saye ne suka yi rububi, farashi ya bi su. Amma a cikin wata guda masana'antun siminti ba su ninka ba, buhunan da ake sayarwa ba su ninka ba, kuma talaka bai ga sauƙi a kasuwar hatsi ba. Abin da ya canza shi ne kuɗin da wasu suka yarda su biya domin mallakar hannun jarin kamfani ɗaya ko biyu.

Abin da ya biyo baya ya fi komai koyar da darasi. Ma'aunin ya rufe shekarar 2024 a kan maki kusan 102,900. Ma'ana, a cikin watanni goma sha ɗaya da suka biyo bayan Janairu, abin da ya ƙaru bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Ribar kashi 37.65 da aka yi ta yayatawa a ƙarshen shekarar kusan duka an same ta ne a watan farko. Shi kuwa hannun jarin Dangote Cement ya ƙare shekarar ƙasa da naira 480. Wanda kanun labarai suka ja hankalinsa ya saya a kan naira 763 ya rasa fiye da sulusin kuɗinsa a takarda, a shekarar da aka ce kasuwa ta yi albarka.

Hannayen jarin da ba sa zuwa kasuwa

Akwai abu na biyu da ke ƙara wa manyan kamfanoni ƙarfi fiye da kima. Ma'aunin ASI yana ƙirga dukkan hannayen jarin kamfani, har da waɗanda ke hannun mai kamfanin kuma ba ya da niyyar sayar da su. A Dangote Cement, kamfanin Dangote Industries na Alhaji Aliko Dangote yana riƙe da fiye da kashi 85 cikin ɗari. A BUA Cement, abin da ke hannun Alhaji Abdul Samad Rabi'u da kamfanoninsa ya haura kashi 90. Ɗan abin da ya rage ne kawai ke yawo tsakanin masu saye da sayarwa.

Sakamakon haka shi ne, farashi yana fitowa daga cinikin ƙaramin kaso, amma ana ninka shi da dukkan hannayen jarin. Kamar a ce mai rumbu yana da buhu dubu, ya kai buhu goma kasuwa, masu saye suka yi ta ƙari a kansu har farashi ya ninka, sai a wayi gari ana cewa dukiyar garin ta ƙaru da kuɗin buhu dubu. A takarda haka ne. Amma da zai fito da dubun duka a rana ɗaya, ba zai samu wannan farashi ba. Duk inda kaya suka yi ƙaranci, kuɗi kaɗan na iya ɗaga farashi sosai, kuma fitar kuɗi kaɗan na iya kayar da shi.

Bankuna irin su Zenith da GTCO da UBA suna da siffa ta daban. Hannayen jarinsu sun watsu a hannun dubban mutane da hukumomin fansho, kuma su ne suka fi yawa a cinikin yau da kullum. A nan ne akasarin ƙananan masu zuba jari suke. Duk da haka, a farkon 2024 nauyin kowanne daga cikinsu a ma'aunin bai kusanci na manyan kamfanonin siminti da na sadarwa ba. Saboda haka lambar da ake karantawa da yamma tana iya bin hanya ɗaya, dukiyar mafi yawan masu hannun jari ta bi wata.

Manyan kasuwannin duniya sun daɗe da gane wannan. Tun a 2005 ma'aunin S&P 500 na Amurka ya koma ƙirga hannayen jarin da ke yawo a kasuwa kaɗai, ya daina ƙirga waɗanda masu kamfani suka kulle. Ko da hakan, rinjayen manya bai gushe ba. A 2023 wannan ma'auni ya tashi da kimanin kashi 24, alhali takwaransa da ke ba kamfanonin 500 ɗin nauyi iri ɗaya ya tashi da wajen rabin haka, saboda 'yan kamfanonin fasaha ne suka ja ragamar. Idan haka ta faru a kasuwa mai faɗi da zurfi, to a kasuwar da kamfani ɗaya ke iya ɗaukar kusan rubu'in nauyi, kamar yadda ya kasance a Legas a ƙarshen Janairun 2024, sai a ƙara yin hattara.

“Masu zuba jari sun ci ribar tiriliyan kaza”

Wannan jimla ta zama ruwan dare a shafukan kasuwanci, kuma tana ɗauke da kuskure biyu. Na farko, babu wanda ya karɓi waɗannan tiriliyoyi. Ƙari ne na darajar takarda, kuma kaso mai yawa daga ciki na masu kamfanonin ne da ba su sayar da ko guda ba.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Jimillar darajar kasuwa tana ƙaruwa a duk lokacin da sabon kamfani ya shigo, ko tsohon kamfani ya fitar da sababbin hannayen jari, ko da farashin komai bai motsa ba. Masu lissafin ma'auni sun san da haka, shi ya sa suke gyara lambar da suke rabawa da ita a irin wannan rana, domin kada shigowar baƙo ta zama kamar riba. Amma jimillar naira ba ta da wannan gyara. A 2024 darajar kasuwar ta tashi daga kusan naira tiriliyan 41 zuwa kusan tiriliyan 63, ƙarin da ya wuce kashi 50 cikin ɗari, alhali ma'aunin bai kai kashi 38 ba. Bambancin ya fito ne daga shigowar kamfanoni irin su Transcorp Power da Aradel a wannan shekara, da kuma sababbin hannayen jarin da wasu suka fitar. Wanda ya ce masu zuba jari sun ci ribar naira tiriliyan 22 ya haɗa riba da sabon kaya a kwarya ɗaya.

Sannan akwai batun nairar kanta, domin da ita ake auna komai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kaya a watan Disambar 2024 ta kai kashi 34.8 cikin ɗari idan aka kwatanta da shekara guda kafin nan. Mutumin da ya zuba naira 100,000 a farkon shekarar, kuma ya yi sa'ar samun daidai abin da ma'aunin ya nuna, ya ƙare da naira 137,650. Amma kayan da naira 100,000 ke saya a farkon shekara sun koma naira 134,800. Ainihin ƙarin ƙarfin sayensa kimanin kashi biyu ne kacal. Idan kuma da dala ake lissafi, asara ce zalla: a kasuwar hukuma dala ta tashi daga wajen naira 900 zuwa sama da naira 1,500 a shekarar, wanda ya sa jarin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wani ɓangare na hawan ma'aunin ba girman kamfanoni yake nunawa ba, ƙanƙancewar mudun da ake awo da shi yake nunawa.

Adalci ga ma'aunin

Bai kamata a ɗauki wannan bayani a matsayin hujjar yin watsi da ma'aunin ba. Awo da girman kamfani yana da dalili mai ƙarfi. Idan tambayar ita ce yadda jimillar kuɗin da ke cikin kasuwa ta kasance, babu amsar da ta fi wannan daidai, domin naira biliyan ɗari da ke babban kamfani ta fi naira miliyan ɗari da ke ƙarami muhimmanci ga jimillar. Sauran hanyoyin ma suna da nasu aibin. Ma'aunin Dow Jones na Amurka, wanda aka fara a 1896, yana ba kamfanoninsa 30 nauyi ne bisa farashin hannun jari guda, ta yadda kamfani mai tsadar hannun jari kan rinjayi wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Ma'aunin da ke ba kowa nauyi ɗaya kuma yana ɗaukaka muryar ƙananan kamfanonin da kan yi kwanaki ba a yi cinikinsu ba.

Akwai ma inda ASI ke rage wa mai zuba jari haƙƙinsa. Farashi kawai yake bi, ba ya lissafa ribar da kamfanoni ke raba wa masu hannun jari duk shekara. Wanda ya riƙe hannun jarin banki mai raba riba mai kauri na tsawon shekaru ya samu fiye da abin da farashi kaɗai ke nunawa. Ke nan lambar tana iya yaudarwa ta ɓangarori biyu. Aibinta ba na lissafi ba ne. Aibin yana ga masu yi mata tambayar da ba a gina ta domin amsawa ba, kamar ko tattalin arziki ya gyaru, ko kuma mai ƙaramin jari ya ci riba.

Yadda ya kamata a karanta ta

Rahoton da NGX ke fitarwa a ƙarshen kowace ranar ciniki ya ƙunshi abin da zai tona gaskiyar lambar, in dai za a duba. Abu na farko shi ne yawan kamfanonin da suka hau da yawan waɗanda suka sauka. Ranar da ma'auni ya tashi amma masu sauka suka fi masu hawa yawa, alama ce ta cewa giwa ɗaya ce ta motsa. Da yake dokar kasuwar ba ta barin farashin hannun jari ya hau ko ya sauka fiye da kashi 10 a rana ɗaya, lissafin yana da sauƙi: kamfanin da ke ɗauke da kashi 15 na nauyi, idan ya hau har iyakar da aka yarda, zai ɗaga ma'aunin da kashi ɗaya da rabi shi kaɗai.

Abu na biyu shi ne ma'aunan ɓangarori. Kasuwar tana da na bankuna, da na inshora, da na kayan masarufi, da na masana'antu, da na man fetur da iskar gas, har da Lotus Islamic na kamfanonin da aka tantance bisa ƙa'idojin Shari'a. Idan ɓangare ɗaya ne ya yi tsalle sauran suna kwance, to labarin na wannan ɓangare ne. Abu na uku shi ne yawan cinikin da aka yi a kan kamfanin da ya ja kasuwar. Hawan da ya zo da ɗan ciniki kaɗan bai kai nauyin wanda dubban masu saye suka tabbatar ba.

Nauyin gyara ya rataya a wuyan ɓangarori biyu. Ya dace hukumomin NGX su riƙa fitar da wani ma'auni na dukkan kasuwa wanda ke ƙirga hannayen jarin da ke yawo kaɗai, su ba shi matsayi a gefen ASI, su kuma riƙa bayyana kamfanonin da suka fi ba da gudummawa ga hawa ko saukar kowace rana. Lissafin ba shi da tsada, bayanan kuma suna hannunsu. Su kuwa editocin shafukan kasuwanci, ya kamata su daina kiran ƙarin darajar takarda da sunan riba, su kuma saka sunan kamfanin da ya ja kasuwa a cikin kanun labari, ba a sakin layi na shida ba.

Da an yi haka a Janairun 2024, da kanun labarin ya ce kamfanonin siminti biyu sun kai ma'aunin maki 100,000. Da mai karatu ya tambayi abin da ya faru da siminti, maimakon ya ɗauka cewa arzikin ƙasa ne ya ƙaru da sulusi a wata guda, kuma da wasu daga cikin waɗanda suka saya a kan naira 763 sun sake tunani kafin su kira dillali.